Zaren carbi: yadda ake taƙaita dogon labari babi-babi

"Malam, barka da aiki. Ina aji huɗu a jami'a, kundina a kan wani ƙagaggen labari ne mai littafi uku, babi 54. An ce in kawo taƙaitawarsa babi-babi. Na yi, ta ci shafi 31, amma da malamin da ke duba ni ya karanta sai ya rubuta a gefe: 'An faɗi komai, to ina labarin?' Ni kaina idan na kai tsakiya sai in rasa inda aka dosa. A ina nake kuskure?"

Barka kadai, 'yata. Ban ga takardunki ba, amma zan iya rantsuwa da yadda kika yi su, domin na duba irinsu ba adadi. Kin buɗe babi na ɗaya kin karanta, kin rufe kin rubuta abin da ya faru, kin wuce na biyu, haka har ƙarshe. Kowane babi kin yi masa adalci shi kaɗai. Abin da ya fito shi ne 'ya'yan carbi 54, kowane ɗaya a goge tas, amma a zube cikin faranti. Malaminki zaren yake tambaya. Zaren nan kuwa ba a cikin wani babi yake kwance ba balle ki tsince shi idan kin iso wurin. Sai wanda ya gama littafin ne yake iya ganinsa, shi ya sa dokar farko da nake ɗora wa ɗalibaina ita ce kada su rubuta taƙaitawar babi na ɗaya sai sun karanta babi na ƙarshe. Marubuciyar tana ɓoye abu da gangan domin ta ja ran mai karatu. Ke ba aikinki ke nan ba. Ke kin riga kin san inda rafin ya faɗa, don haka ke za ki nuna wace ƙorama ce ta kai can, wacce ce ta ƙafe a hanya.

Jigo daban, zare daban

A nan ɗaliban Hausa suka fi zamewa, kuma laifin rabi namu ne malamai. Mun koya muku jigo har ya zame muku jiki, sai ga shi duk wanda na tambaya me littafi yake bi, amsar da zai ba ni ita ce "haƙuri", ko "illar cin amana", ko "auren dole". Waɗannan jigogi ne, kuma suna da gurbinsu a kundi. Amma ba za su taimake ki wajen zaɓen abin da za ki saka a babi na 23 ba, saboda kusan komai a littafin yana iya shiga ƙarƙashin haƙuri. Ciwon kan jaruma haƙuri ne, rashin ruwa a unguwa ma haƙuri ne. Kwando ne mai faɗin baki, ba ya tace komai.

Zare yana da sunan mutum a ciki, da abin da mutumin yake nema, da wanda ya tare masa hanya. Kuma ana iya mai da shi tambaya ɗaya wadda babi na ƙarshe ke amsawa da i ko a'a. Bari in ƙirƙiro miki littafi mu yi aiki da shi, mai tsawon naki, tunda ban san wanda kike nazari ba. Sunayen da labarin duk nawa ne na misali.

Mahaifin Hajara ya rasu ya bar gida ɗaya, da mata, da 'ya'ya biyar, ita ce babba. Ba a yi arba'in ba baffanta ya fito da takardar gidan, ya ce marigayin ya ba shi ita jingina a kan bashin da bai biya ba. Hajara ta san an biya, domin a gabanta mahaifinta ya faɗa, amma ba ta da shaida. Baffan, da yake shi ne waliyyinta yanzu, ya aurar da ita ga abokin kasuwancinsa, Alhaji Sambo, ta shiga ta uku. Daga nan littafin ya buɗe: rikicin kishiyoyi, soyayyar ƙawarta Ladidi da wani ɗan sanda, rashin lafiyar ƙaninta, tafiya umara, wani tsohon saurayi da ya dawo. A babi na 52 aka je gaban alƙali. Zaren wannan littafi jimla ɗaya ne: shin Hajara za ta iya tabbatar da cewa mahaifinta ya biya bashin, ta karɓo wa ƙannenta gidan daga hannun baffanta? Ki rubuta irin wannan jimla ta littafinki a kan kwali, ki jingine ta inda idonki zai riƙa sauka a kanta duk lokacin da kika ɗago kai.

Idan kin rasa yadda za ki gano ta, ki je ƙarshen littafin ki duba wane abu ne da aka warware shi marubuciyar ta ga babu sauran abin faɗa. Sannan ki koma farko ki nemi ranar da aka ƙulla shi. A dogayen littattafanmu sau da yawa ba a babi na ɗaya yake ba, yakan kai na huɗu ko na biyar, bayan an gama kwatanta gida da sutura da kyawun jaruma. Abin da aka ƙulla a can, aka kwance a nan, shi ne zarenki. Wani lokaci abin da ya fi cin shafuka ba shi ba ne. A littafin Hajara faɗan kishiyoyi zai iya cinye babi ashirin, amma ranar da aka raba su littafin bai ƙare ba. Ranar da alƙali ya yanke hukunci ya ƙare.

Tarkon "sai"

Ki ɗauko shafukanki 31 ki ƙirga "sai" nawa ke cikin shafi ɗaya. Harshenmu ya ba mu wannan kalma mai daɗi, da ita muka taso muna jin tatsuniya: sai ya tafi, sai ya tarar da kura, sai ta ce masa. Tana jera abubuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta tilasta wa mai magana ya faɗi abin da ya haɗa su ba. A bakin mai ba da labari wannan ni'ima ce. A hannun mai taƙaitawa kuwa ita ce ke tsinka zare, domin tana ba wa zuwa kasuwa da gano asirin baffa matsayi ɗaya. Ga yadda ɗalibi yakan taƙaita babi na 17 na littafinmu:

"Aka wayi gari ana shirin sunan jikar uwargida. Sai Hajara ta tashi da asuba ta yi waina. Sai Ladidi ta zo suka shiga ɗaki tana ba ta labarin saurayinta. Da yamma sai 'yan'uwan uwargida suka ce wainar ba ta ji mai ba, sai rigima ta kaure, sai uwargida ta zage ta ta yi mata gori. Sai Hajara ta shiga ɗaki tana kuka. Da Alhaji ya dawo sai ya yi musu faɗa."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma abu ɗaya tak da ya sa marubuciyar ta rubuta babin ya nutse cikin kalmar "gori". Me uwargida ta ce? Ta ce mata: ke da aka kawo ki gyara a kan cinikin gidan ubanki. Wannan ne karo na farko da Hajara ta ji cewa mijinta ne zai sayi gidan, kuma aurenta cikin cinikin yake. Ga babin idan an rubuta shi ana kallon kwalin nan:

"Hajara ta gano cewa mijinta na da hannu a maganar gidan. A wajen wani taron suna, cikin faɗa, uwargida ta goranta mata cewa Alhaji Sambo ne zai sayi gidan daga baffa, aurenta ma cikin yarjejeniyar yake. Saboda haka ta janye niyyar da ta yi a babi na 14 ta neman taimakonsa, ta fara ɓoye masa abin da take bincike."

Waina ta fita, Ladidi ta fita, kukan ma ya fita. Ki lura da abin da ya shigo a madadinsu. Jimlar farko ba ta faɗi abin da aka yi a babin ba, ta faɗi abin da ya sauya. Kafin babin Hajara na ganin mijinta mafita ne, bayan babin ta san abokin gaba ne. Sannan akwai "saboda haka", wadda ta ɗaure babin da na gabansa, akwai kuma ambaton babi na 14 wanda ya ɗaure shi da na baya. Tambayar da nake so ki riƙa yi wa kowane babi ke nan: da aka shiga, ina maganar gidan take, da aka fita, ina ta koma? Wa ya san abin da bai sani ba ɗazu? Wa ya samu ƙarfi, wa ya rasa? Idan kin sami amsar, ita ce jimlarki ta farko, sauran jimloli biyu ko uku bayanin yadda aka yi ne.

Akwai horon da nake ba ɗalibai wanda suke jin haushinsa mako ɗaya, daga baya su gode. Nakan hana su "sai" da "daga nan" da "bayan haka" a farkon jimla gaba ɗaya, in ce tsakanin babi da babi ba abin da zai shiga illa "saboda haka", ko "amma", ko "wannan ya sa". Inda ɗayan ukun ya zauna daram, zare na nan. Inda kika gwada duk suka ƙi zama, to kin taka ɗayan biyu: ko dai kin tsallake wani abu a babin baya, ki koma ki nemo shi, ko kuma babin reshe ne, bai rataya a jikin zaren ba. Ba cewa nake kundin da za ki miƙa ya fito babu "sai" ko ɗaya ba, hakan ba Hausa ba ce. A zubin farko ne kawai, don ki ga inda ɗinkin ya warware.

Ba kowane babi ne ke cin rabo ɗaya ba

Shafi 31 ga babi 54 yana nuna min kin raba daidai wa daida, kowane babi ya sami wajen rabin shafi da ɗoriya. Wannan adalci ne da littafin kansa bai yi ba. Ki fara da tambayar malaminki shafi nawa yake so, a ce ya ba ki kalmomi 3,000, wato kamar shafi goma zuwa goma sha biyu a bugun kundi mai tazara. Ki bi jerin babobin da jan biro ki yi alama a kan waɗanda idan aka cire su labarin ba zai kai ƙarshensa ba. A littafi mai wannan tsawo da wuya su wuce goma ko goma sha biyu: rasuwar uba, fitowar takarda, ɗaurin aure, gorin uwargida, gano shaida, da makamantansu. Goma ɗin nan ki ba kowanne kalma 120, sun ci 1,200. Wasu talatin masu tura labarin gaba kaɗan-kaɗan su sami hamsin-hamsin, 1,500 ke nan. Ragowar goma sha huɗu jimla ɗaya ta ishe su, kamar kalma ashirin, 280. Jimilla 2,980, kin shiga ma'auni har da ɗan canji.

Waɗancan goma sha huɗu kada ki ji kunyar haɗe su. Idan babi na 24 zuwa na 28 duk umara ce da tsarabarta, ki rubuta lambobinsu tare a kai, ki ce: "Babi na 24 zuwa 28: Alhaji ya tafi umara da matansa biyu, ya bar Hajara a gida. Maganar gidan ta tsaya cik, sai dai a babi na 27 Hajara ta yi amfani da rashinsa ta je wurin mahaifiyarta ta tambayi inda akwatin marigayin yake." Kin cika sharaɗin babi-babi, domin ba wanda ya ɓace a lissafi, kuma kin faɗa wa mai karatu gaskiya cewa a nan labarin hutawa ya yi. Faɗin haka ma nazari ne. Idan kin zo babin zubi da tsari a kundinki za ki ga kin riga kin tara hujjar inda littafin ya yi jan ƙafa.

Rassa kuma, irin soyayyar Ladidi, ga yadda nake yi da su. Ba na bin su babi-babi. Ina ambaton reshe ranar da ya tsiro, da jimla ɗaya, sannan in ƙyale shi sai ranar da ya taɓo zare. Idan a babi na 44 ɗan sandan Ladidi ne ya taimaka aka gano inda direban da ya shaida biyan bashin yake zaune, to soyayyar ta biya kuɗin shigarta, dole mai karatu ya san da ita tun farko, in ba haka ba ɗan sandan zai faɗo masa daga sama. Idan kuwa har littafin ya ƙare ba ta taɓa maganar gidan ba, jimla biyu sun ishe ta, ɗaya a farkonta ɗaya a ƙarshenta, ko da ta fi komai daɗin karatu. Yawanci ma ita ce ta fi daɗi, shi ya sa take sace shafuka.

Littafin bashi

Wannan dabara daga wurin mai kantin unguwarmu na ɗauko ta, ba daga aji ba. Duk abin da marubuci ya ajiye a gaban mai karatu da alamar zai dawo masa, bashi ya ci. Akwatin ƙarfen da mahaifin Hajara yake kullewa a babi na 2 bashi ne. Direban da aka ce ya bar gari kwana uku bayan rasuwar bashi ne. Yayin karatu na biyu, ki ware takarda guda ki ja mata layi uku: abin da aka ajiye, babin da aka ajiye shi, babin da aka biya. Akwati, 2, 41. Direba, 5, 46. Haka har ƙasa.

Amfaninta yana bayyana ne idan kin zo rubuta babobin farko. A babi na 2 akwatin jimla ɗaya ce cikin shafi goma, wanda ke taƙaitawa yana tafe ba zai ko kalle ta ba, zai tsaya a kan jinyar marigayin da wasiyyarsa. Sai ya kai babi na 41, inda aka buɗe akwatin aka sami littafin da marigayin ke rubuta abin da ya biya, ya rasa yadda zai shigo da shi, ya rubuta "sai ta tuna da wani akwati". Mai karatu ya ce wane akwati? A nan ne daidai zare ke tsinkewa, kuma ba a babi na 41 aka yi ɓarnar ba, tun a na 2 aka yi ta. Na taɓa yin wannan kuskure da kaina lokacin da nake taƙaita wa wani mai shirya wasan rediyo rubutun wani dogon labari. Na zubar da wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da ta leƙo a farko, na ɗauka adon labari ce. Ashe ita ce ke riƙe da sirrin haihuwar jarumin. Sai da aka naɗi kashi shida kafin a gano, aka dawo aka saka mata fitowa ta dole a wurin da bai dace ba. Tun daga ranar ban ƙara taƙaita komai ba tare da takardar nan a gefena ba.

Layin da ya zauna babu biya kuma, wato abin da aka ajiye aka manta, ki bar shi a waje, ki adana shi don babin sharhi.

Waiwaye da yawan suna

Abubuwa biyu ne a littattafanmu na Hausa da ke rikita taƙaitawa fiye da kima. Na farko shi ne dogon waiwaye. Ana tsakiyar rikici sai marubuciya ta dakata ta ce "Wane ne Alhaji Sambo?", ta koma kan kakansa da garin da ya baro, ta ci babi uku tana saƙa asali. Ɗalibai sukan yi ɗayan kuskure biyu: wasu su kwashe tarihin su kai shi farkon taƙaitawa don shi ya riga faruwa, wasu su bar shi a wurinsa amma su ba da shi kamar yanzu yake faruwa, mai karatu ya ga mamaci ya tashi yana ciniki. Tunda babi-babi aka ce, ki bar shi inda marubuciyar ta sa shi, ki buɗe da alamar lokaci a fili: "Labari ya koma shekara ashirin baya." Sannan ki tambayi kanki me ya sa aka kawo shi a nan ba a can ba. Cikin babi ukun nan na asalin Alhaji Sambo, wataƙila abu ɗaya ne ya shafi Hajara: cewa baffa ya taɓa rufa masa asiri a wata badaƙala, don haka ba zai iya juya masa baya ba. Shi za ki ɗauka. Idan kin gama, ki rufe da jimlar da za ta mai da mai karatu inda aka tsaya: "An dawo kan Hajara, wadda aka bari tana jiran amsar mahaifiyarta."

Haka ake yi da labari cikin labari. Wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san cewa a littafi na ɗaya labaran da aku ke bayarwa suna da yawa, amma abin da ya riƙe su shi ne ƙoƙarinsa na hana Musa fita, ga kuma makircin Waziri. Mai taƙaita irin wannan, a kowane dare abin da zai fara faɗa shi ne halin da ake ciki a fada, kafin ya taɓa labarin da aka bayar.

Na biyu shi ne suna. Mace ɗaya a littafi, 'ya'yanta na ce mata Umma, mijinta na ce mata Hajiya, surukarta na sakaya sunanta saboda alkunya, marubuciyar kuma wani lokaci ta kira ta da sunan yanka. A cikin littafin wannan gishiri ne, yana nuna wa yake magana da wa. A taƙaitawa guba ne, domin mai karatu zai ƙirga mata huɗu. Ki zaɓa wa kowa suna ɗaya ki riƙe shi har ƙarshe, kuma karon farko da ya fito ki jingina shi da jaruma: baffan Hajara, uwargidan mijinta, ƙaninta. Jinginawar nan kanta tana riƙe zare, saboda kowa ana ganinsa ne ta inda ya shafe ta. A littafi mai taurari talatin, waɗanda suka cancanci suna a taƙaitawa ba su fi takwas zuwa goma ba, sauran "wata maƙwabciya" da "wani direba" sun ishe su, sai dai direban da zai tsaya gaban alƙali. Ki kuma kula da "ya" da "ta" inda mata biyu ko maza biyu suka haɗu a jimla ɗaya. "Ta ce mata ta fita daga ɗakinta" ke kin san wace ce wace, malaminki bai sani ba.

Wani abu kuma game da rabon littafi uku. Littattafan da aka riƙa bugawa a Kano kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, galibi inda aka yanke ba inda labari ya juya ba ne, inda ran mai saye zai fi ɗaguwa ne don ya nemi na gaba. Waɗanda ake saki a WhatsApp shafi-shafi ma haka suke, kowane saki yana ƙarewa da wani ya turo ƙofa ko waya ta yi ƙara. Kada wannan ya ruɗe ki ki ɗauka duk inda aka ce "mu haɗu a littafi na biyu" babbar gaɓa ce. Sau da yawa wanda ya turo ƙofar almajirin gidan ne ya kawo aike.

Yadda za ki gane ko ya riƙu

Idan kin gama zubin farko, ki kwafe jimlar farko ta kowane babi kaɗai, ki jera su a shafi biyu, ki karanta da ƙarfi. Idan aikin ya yi, waɗannan jimloli su kaɗai za su ba da labarin Hajara da gidan daga rasuwa har hukunci, ba tare da gurbi ba. Inda kika ji kin yi tsalle, ko sunan jaruma ya ɓace har jimla biyar a jere ba tare da kin faɗi dalili ba, ki sa alama, nan ne gyara yake.

Sannan ki bi shi ta baya. Alƙali ya ba su gidan, me ya jawo? Shaidar direba da littafin marigayi. Ina aka samo direba? Babi na 46, ta hannun ɗan sandan Ladidi da ya taimaka aka gano inda yake a 44. Me ya sa Hajara ta nemi taimakon ƙawarta ba na mijinta ba? Babi na 17. Kowace amsa dole ta kasance a rubuce cikin taƙaitawarki, ba a cikin kanki ba. Wannan ne wurin da mutum ya fi yaudarar kansa, domin ke kin karanta littafin sau uku, ƙwaƙwalwarki tana cike gurbi ba tare da ta sanar da ke ba. Shi ya sa gwaji na ƙarshe ba naki ba ne. Ki ba wata 'yar ɗakinku da ba ta taɓa ganin littafin ba, ki tsayar da ita a tsakiya, wajen babi na 30, ki ce ta faɗa miki me jaruma take nema yanzu, kuma me ya hana ta samu. Idan ta fara da "to, akwai dai wata Ladidi", kin ji amsarki.

Wannan hanya tana da iyakarta, kuma gara ki sani tun yanzu. Tana aiki sosai ga littafin da ke bin mutum ɗaya da buƙata ɗaya. Akwai littattafan da da gaske zare biyu suke da shi, misali labarin uwa da na 'yarta suna tafiya kafaɗa da kafaɗa har su haɗu a ƙarshe. A irin wannan kwali biyu za ki rubuta, kuma a kan kowane babi ki nuna na wace ce. Akwai kuma waɗanda aka rubuta ana saki kullum, masu karatu na tsoma baki, marubuciya ta fara da maganar gado, da ta ga an fi son faɗan kishiyoyi ta bi can ba ta dawo ba. Idan naki irin wannan ne, kada ki ƙirƙiro masa zaren da ba shi da shi don ki rufa masa asiri. Ki rubuta a fili cewa daga babi kaza labarin ya sauya alƙibla, maganar farko ba a sake ɗaga ta ba sai a shafukan ƙarshe, ko ma sam. Sai dai kafin ki yanke wa littafi wannan hukunci, ki sake duba takardar bashinki, domin cikin ɗalibai goma da suka zo min da cewa littafinsu ba shi da zare, mafi yawansu jigo suka riƙe a hannu suna neman zare da shi.

Shafukanki 31 kuma kada ki yaga su. Ba taƙaitawa ba ce, amma rumbu ne mai kyau: idan kin zo nazarin taurari da salo, irin wainar nan da kukan da muka zubar a babi na 17 a can za ki same su, har da lambar babinsu.